Harafi na Uku: Inda Ribosom Ke Sassauta Doka

A farkon umarnin da jikin ɗan Adam ke bi wajen ƙera hemogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, akwai wurare biyu da mutane ke bambanta da juna, kuma haruffa 10 kacal ke tsakaninsu. A wuri na farko wani yana ɗauke da harafin C, wani yana ɗauke da T, kuma babu abin da hakan ke jawowa, mutum zai yi rayuwarsa har ya tsufa bai san wanne ke jikinsa ba. A wuri na biyu kuwa, idan T ta maye gurbin A, an sami hemogulobin S ke nan, tushen ciwon sikila da ake yi wa gwajin jini kafin aure. Sauyin harafi ɗaya ne nan, harafi ɗaya ne can. Bambancin yana ga gurbin da harafin ya zauna a cikin kalmarsa, da kuma yadda ma'aikatar da ke karanta kalmomin take tsananta bincike a wani gurbi, ta sassauta a wani.

Umarnin yana ajiye ne a cikin DNA, amma ba a fitar da shi daga ma'ajiyarsa. Kwafinsa ake yi zuwa wani zare da ake kira mRNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu, A, U, G da C, inda U take tsayawa a madadin T ta DNA. Furotin kuma sarƙa ce da ake haɗawa daga ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Tunda haruffa huɗu ba za su wadaci abu 20 ba idan ɗai-ɗai za a karanta su, uku-uku ake karanta su, kuma kowace kalma mai harafi uku ana ce mata kodon. Huɗu sau huɗu sau huɗu ya ba da 64. Uku daga ciki, UAA da UAG da UGA, alamar tsayawa ce. Ragowar 61 su ne ke kiran amino asid, don haka yawancin amino asid suna da kodon fiye da ɗaya. Kodon na farko da aka gano ma'anarsa shi ne UUU, a 1961, lokacin da Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka haɗa zaren da babu komai a cikinsa sai U, suka ga abin da ya fito sarƙa ce ta fenilalanin zalla.

Ga yadda saƙon ɓangaren hemogulobin da ake kira beta ya fara:

AUG GUG CAU CUG ACU CCU GAG GAG AAG

Ma'anarsa a jere: metiyonin, balin, histidin, liyusin, tiriyonin, furolin, gulutamet, gulutamet, laisin. Metiyonin ɗin farko alamar farawa ce, ana cire shi daga baya, shi ya sa masana ke fara ƙirga daga balin, har su kai amino asid 146.

Sai dai kodon ba shi da hannun da zai kamo amino asid. Babu wata alaƙa ta sinadari tsakanin haruffan CAU da histidin. Francis Crick ya hango wannan tun 1955, ya ce dole akwai wani ɗan tsakiya da ke riƙe amino asid a gefe ɗaya, yana gane kodon a ɗaya gefen. Ba a daɗe ba Mahlon Hoagland da Paul Zamecnik suka same shi a ɗakin gwaji a Boston, shi ne abin da yanzu ake kira tRNA. Ɗan gajeren zare ne mai haruffa 76 zuwa kimanin 90, wanda ya naɗe kansa ya yi siffar harafin L. A ƙarshen ƙafa ɗaya ake rataya amino asid. A ƙarshen ɗaya ƙafar akwai haruffa uku a fili, antikodon, waɗanda ke manne wa kodon bisa dokar da aka sani a DNA: A da U, G da C.

tRNA tamkar ɗan dako yake, mai kaya a ka da takardar shaida a hannu. Mai tsaron ƙofa, wato ribosom, takardar kawai yake dubawa, ba ya buɗe kaya. An tabbatar da haka a 1962 a wani gwaji da François Chapeville da abokan aikinsa suka yi. Sun ɗauki tRNA da aka riga aka ɗora wa sisteyin, suka yi amfani da sinadarin nikel suka mayar da sisteyin ɗin alanin yana nan rataye a wurinsa. Da suka saka shi cikin aiki, ribosom ya karɓe shi ba musu, ya jera alanin a duk inda saƙo ya nemi sisteyin. Ashe ainihin fassarar ba a kan ribosom ake yin ta ba. Wasu inzayim ne, kusan ɗaya ga kowane amino asid, suke gane tRNA ɗinsu su ɗora masa kayan da ya dace, kuma wasunsu har sake dubawa suke yi. Wanda ke ɗora aisoliyusin, alal misali, yakan yi kuskuren kamo balin saboda kamanninsu ya yi yawa, amma yana da wani aljihu na biyu da ke warware kuskuren kafin tRNA ya tafi da shi.

Shi kansa ribosom gida biyu ne, ƙarami da babba, da ke rufe zaren mRNA a tsakaninsu, kuma mafi yawan jikinsa RNA ne ba furotin ba. A ciki akwai mazauni uku na tRNA, ana kiransu A da P da E. A ƙwayoyin ɓargo inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ƙaramin gidan yana hawa kan saƙon daga farkonsa, yana tafiya har ya tarar da AUG, inda tRNA mai ɗauke da metiyonin ke zama a mazaunin P. Babban gidan ya zo ya rufe. Yanzu GUG na fuskantar mazaunin A da babu kowa a ciki. tRNA iri-iri suna ta shigowa suna gwadawa, kowanne da wani furotin mai rakiya, kuma mafi yawansu suna fita nan take domin antikodon ɗinsu bai manne ba. Idan mai balin ya zo ya manne, mai rakiyar ya ƙona ƙwayar makamashi ɗaya da ake kira GTP ya sake shi. Sai babban gidan ya cire metiyonin daga tRNA na mazaunin P ya liƙa shi a kan balin. Wani furotin ya tura komai gaba da haruffa uku cif, wanda ya sauke kayansa ya koma E ya fita, mai riƙe da sarƙar ya koma P, mazaunin A ya sake zama fili a gaban CAU. Haka za a yi ta maimaitawa har a iso UAA, wanda babu tRNA da ke karanta shi, wani furotin ne ke shiga ya yanke sarƙar. A jikin bakteriya ana jera amino asid 15 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya, a jikinmu kamar 5 ko 6. Kuskure kuwa yakan faru sau ɗaya a cikin 1,000 zuwa 10,000.

A kan CAU ɗin nan ya kamata a dakata. Shi ne wuri na farkon da aka ambata: wasu mutane CAU ke nan a saƙonsu, wasu CAC, kuma duka biyun histidin ne. Mai hankali zai ɗauka cewa akwai tRNA biyu, ɗaya na CAU ɗaya na CAC. Ɗaya ne tak. Harafinsa da ke fuskantar gurbi na uku G ne, wanda bisa doka abokinsa C ne, amma yana karɓar U ma. Da a ce kowane kodon sai da nasa tRNA, da ƙwayar halitta tana buƙatar iri 61. Nau'o'in antikodon da ke aiki a cikin ƙwayoyin jikinmu ba su kai 50 ba.

Alamar farko ta fito ne a 1965, lokacin da Robert Holley na Jami'ar Cornell ya kammala karanta haruffan tRNA na alanin daga yis, guda 77, bayan shekaru yana fama. A antikodon ɗin sai ga wani harafi da ba ya cikin huɗun da aka sani, inosin, wanda ake rubutawa I. Kuma an lura cewa wannan tRNA guda yana amsa kiran GCU da GCC da GCA. A 1966 Crick ya zauna da zane-zanen siffofin haruffan, ya kawo bayanin da ya tsaya har yau. Ya ce haruffa biyu na farkon kodon suna bin doka sau da ƙafa, amma a na uku akwai ɗan girgiɗi: harafin antikodon yana iya gocewa kaɗan daga mazauninsa ya kama wanda ba abokinsa na asali ba. G da U, idan ɗaya ya ɗan zame gefe, suna iya riƙe juna da haɗin haidirojin biyu. Daga nan ya fitar da ƙa'idoji. G yana karanta C ko U. U yana karanta A ko G. Inosin yana karanta U ko C ko A, amma ba ya karanta G. C kuwa G kaɗai yake karantawa. Da wannan lissafi, tRNA 32 sun isa aikin gaba ɗaya, har da na farawa.

Idan aka koma kan saƙon hemogulobin za a ga ƙa'idojin suna aiki a jere. CAU, G ne ya kama U ta hanyar girgiɗi. ACU na tiriyonin da CCU na furolin, inosin ne ke kama U ɗinsu. Ke nan a cikin kalmomi shida na farko, uku an karanta su ne da haɗin da littafin makaranta zai ce ba daidai ba ne. Inosin ɗin ma ba a rubuce yake a DNA ba. A ake fara sakawa a gurbin, sannan wani inzayim ya zo ya sauya shi.

Abin da ya fi burge ni a wannan bayani shi ne yadda ya bayyana siffar jadawalin kodon kansa. A duba jadawalin daga sama har ƙasa, ba za a sami wuri ko ɗaya ba inda kodon mai ƙarewa da U da ɗan'uwansa mai ƙarewa da C suke da ma'ana daban. Dalili kuwa, G ɗin da zai karanta C zai karanta U, ƙwayar halitta ba ta da hanyar raba su cikin aminci, don haka ba ta taɓa ɗora musu ma'ana biyu ba. A gidaje takwas, irin su na balin da alanin da furolin, harafi na uku ba ya sauya komai, ko wanne ne daga cikin huɗun. Amma kuskure ne a ce harafi na uku ba shi da amfani, kamar yadda ɗalibai kan haddace. CAU da CAC histidin ne, amma CAA da CAG gulutamin ne. GAG ɗin da ke gurbi na 6, idan ya koma GAA, gulutamet ne har yanzu, idan kuwa ya koma GAC, wani amino asid ne daban. A irin waɗannan gidaje da aka raba biyu, girgiɗin da ya wuce kima haɗari ne, shi ya sa ƙwayar halitta ke liƙa wa U na antikodon wasu ƙarin sinadarai da ke tsare shi a kan A da G.

Sauyin sikila bai faɗa a gurbi na uku ba. GAG ne ya koma GUG, harafin tsakiya, inda babu sassauci ko kaɗan. tRNA na gulutamet ba zai zauna ba, na balin ne zai zauna, kuma ribosom bai yi kuskuren komai ba, abin da aka rubuta ya karanta. Gulutamet yana son ruwa, balin yana gudunsa, don haka idan oksijin ya yi ƙaranci sai ƙwayoyin hemogulobin su riƙa manne wa juna ta wannan tabo, su yi dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jinin. A wannan kodon dai, idan harafin farko ne ya sauya, GAG ya koma AAG, laisin ake samu, wato hemogulobin C da ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, wanda ke sa a ga AC ko SC a takardar gwaji.

Crick ya faɗi abin da ke faruwa, amma sai bayan shekara 35 aka ga dalilinsa da ido. A 2001 ɗakin binciken Venki Ramakrishnan a Cambridge ya fitar da hoton ƙaramin gidan ribosom na bakteriya yana riƙe da kodon da antikodon. Haruffa uku na RNA ɗin ribosom, masu lamba A1492 da A1493 da G530, suna juyowa su rungumi haɗin. Ba karanta haruffan suke yi ba, siffa suke lalubawa. Haɗin A da U da haɗin G da C faɗinsu da fasalinsu kusan ɗaya ne, don haka duk haɗin da ya bi doka yana cika gurbin daidai, wanda ya goce kuwa ba ya cikawa. A gurbi na farko da na biyu lalubawar ta kewaye haɗin sosai. A na uku ba ta kai haka ba, an bar fili, kuma a wannan filin ne G da U ke samun wurin gocewa. Idan siffar ta yi daidai, ƙaramin gidan ya rufe, wannan rufewar ce ke ba da izinin ƙona GTP. Ramakrishnan ya raba kyautar Nobel ta 2009 da Thomas Steitz da Ada Yonath a kan aikin ribosom.

Wasu magungunan da ake ba mu a asibiti nan suke kai hari. Jentamaisin da danginsa suna maƙalewa kusa da A1492 da A1493 na bakteriya, su turo su waje kamar an riga an sami haɗi mai kyau. Ribosom ya shiga karɓar tRNA da bai dace ba, furotin ɗin bakteriyar su fito a gurɓace, ta mutu. Ribosom ɗinmu ya ɗan bambanta a wannan wuri, shi ya sa maganin bai cika kama shi ba.

Akwai wurin da ƙa'idojin Crick ke shiga tsaka mai wuya. AUU da AUC da AUA aisoliyusin ne, AUG kuwa metiyonin. Idan aka sa U ya karanta AUA, zai iya zarcewa ya karanta AUG, a zuba aisoliyusin a gurbin metiyonin. Mu muna da inosin, wanda ke karanta ukun ya bar G. Bakteriya irin su E. coli wata dabara suka bi: suna ɗaukar tRNA mai C a gurbin girgiɗi, wanda da an bar shi haka AUG zai karanta, su liƙa wa C ɗin laisin. Wannan gyara guda yana sauya abu biyu a lokaci ɗaya. Harafin ya daina kama G ya koma kama A, kuma inzayim mai ɗora kaya ya daina ɗora masa metiyonin ya koma ɗora aisoliyusin.

Inda aka kai girgiɗi maƙura shi ne cikin mitokondiriya, ƙananan sassan ƙwayar halitta da ke samar da makamashi. Suna da nasu DNA da nasu ribosom, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsu. Furotin 13 suke ƙerawa, da tRNA 22 kacal, ƙasa da 32 ɗin da lissafin Crick ya ba da. Yadda suke yi shi ne, a gidaje takwas ɗin nan da harafi na uku ba ya sauya ma'ana, suna sa U tsirara ba tare da wani gyara ba, ya karanta haruffa huɗun duka. Matsalar AUA kuma sun kashe ta ta hanyar mayar da shi metiyonin, kamar yadda suka mayar da UGA amino asid maimakon alamar tsayawa.

Wannan tsimi yana da tsada, domin idan tRNA ɗaya ya sami naƙasa babu mai maye gurbinsa. A 1990 masu bincike a Japan suka gano cewa mafi yawan masu wata cuta da ake kira MELAS, kimanin 80 cikin 100, suna da sauyin harafi ɗaya a lamba ta 3243 ta DNA ɗin mitokondiriya, A ya koma G. Cutar takan zo wa yara da matasa da abin da ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki, da farfaɗiya, da taruwar asid a jini, kuma wannan sauyin a wasu mutane ciwon suga da kurumta yake kawowa. Gurbin yana cikin tRNA na liyusin da ke karanta UUA da UUG, amma ba a antikodon yake ba, don haka an daɗe ana neman yadda yake ɓarna. Ɗakin binciken Tsutomu Suzuki a Tokyo ya nuna cewa a lafiyayyen tRNA, U na gurbin girgiɗi yana ɗauke da wani ƙarin sinadari da aka gina da taurin, kuma sauyin 3243 yana lalata siffar tRNA ɗin ta yadda ba a liƙa masa wannan ƙari. Ba tare da shi ba, yana karanta UUA, domin U da A haɗi ne na doka, amma ya kasa riƙe UUG da kyau, domin nan girgiɗi ake buƙata. Furotin da saƙonsa ya cika da UUG, kamar wanda ake kira ND6, shi ne ke fara yin ƙaranci, kuma yana cikin rukuni na farko na injin samar da makamashi. Ƙwaƙwalwa da tsoka, da suka fi kowa cin makamashi, su ke fara jin jiki.

Tsananin cutar ya danganta da yawan mitokondiriya masu sauyin a kowace gaɓa, shi ya sa uwa mai ɗan ciwon suga kawai za ta iya haifar ɗan da cutar za ta kwantar. Bayan gwajin da ya nuna cewa shan taurin da yawa yana ƙara yawan tRNA masu gyaran, yana kuma rage yawan faɗuwar marasa lafiya, hukumomin Japan sun amince da shi a 2019 a matsayin maganin rage aukuwar alamomin shanyewar. Ba ya gyara harafin da ya sauya, kuma ba kowane majiyyaci ne faɗuwar ke ɗauke masa gaba ɗaya ba.